Yadda ake rubuta sunayen baƙin liyafar biki ba tare da sun cakuɗe ba

Ɗaurin aure ba ya bukatar lissafin mutane. Da an ce an ɗaura a Birni ko a Zango, duk wanda ya ji labari ya zo, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a raba goro da dabino, a yi fatiha a watse. Liyafar da ake yi a zauren haya ko ƙarƙashin rumfa daban take. Kujerunta ƙidayayyu ne, kwanukan abincinta ƙidayayyu ne, kuma kowane ɗaya da kuɗi aka same shi. A Damagaram yanzu da wuya a yi biki ba irin wannan zaman, amma har yau yawancinmu da ka muke riƙe sunayen baƙi, ko a guntayen takardu, ko a saƙonnin murya da suka nutse cikin salula. Na daɗe ina hidimar bukukuwan dangi da na maƙwabta, kuma abin da na fi gani yana ɓata zumunci shi ne sunan da ya ɓace, ya fi ƙarancin shinkafa ciwo nesa ba kusa ba.

Akwai autar wata aminiyata, yarinya mai kuzari da son hidima, wadda aka damƙa wa liyafar yayarta. Ta yi ƙoƙari iyakar ƙoƙari. Uwar amarya ta ba ta sunaye a bayan wata tsohuwar takarda, dangin uba suka aiko nasu da baki ta hannun wani yaro, uwar ango ta yi mata saƙon murya masu tsawo, ƙawaye kuma suka yi ta jefo sunaye a rukuninsu na WhatsApp. Ta zauna ta haɗa su a takarda ɗaya, ta ƙidaya layi 146, ta ce a kawo kujera 160 da abinci 160, a ganinta ta bar rara.

Wajen haɗawar ta ga "Hajiya Babba" sau biyu, sai ta soke ɗaya don ta ɗauka maimaici ne. Ashe ɗaya kakar amarya ce ta nan Birni, ɗayar kuma yayar uban ango ce da za ta taso daga Magarya. Wata mata guda kuwa ta shiga jerin sau uku: uwar amarya ta rubuta ta da sunan yanka, ƙawaye suka ce Maman Biyu, dangin uba suka ce matar Alhaji mai goro. Sannan layin da aka rubuta "gidan Kawu" ta ƙidaya shi mutum ɗaya, alhali gida ne mai mata uku da 'yan mata shida.

Ranar liyafa sai ga mota cike daga Magarya. Saurayin da aka ajiye a ƙofa ya duba takardarsa bai ga sunansu ba, domin takardar da ke hannunsa ta makon jiya ce, gyararriyar tana cikin salular Auta, salular kuma caji ya ƙare tun la'asar. Dattijuwa ta tsaya a rana ita da jama'arta, yaron da bai kai jikanta ba yana tambayar ta ko tana da kati. Kafin a ankara ta koma mota. Sai da uwar amarya ta fito da kanta, mayafi a hannu, tana ba da haƙuri. A ciki kuma mutane sun haura 200, abinci ya ƙare kafin a kai layukan baya.

Washegari Auta ta zo mini ido a kumbure. Ta ce, "Gwaggo, wallahi na rubuta kowa." Na ce, "Kin rubuta, 'yata, amma sunaye kika rubuta, ba mutane ba. Ɗauko takardun nan duka mu duba." Abin da muka tsara a zaman nan shi take bi har yau, kuma shi zan shimfiɗa a nan. Da mace nake magana don mu muka fi ɗaukar wannan nauyi, amma abokin ango da aka ɗora wa walimar maza hanyar ɗaya ce.

Ki fara da kujeru, kafin suna ko ɗaya

Kada ki karɓi suna daga kowa sai kin san mutum nawa wurin zai ɗauka da mutum nawa aljihun masu biki zai ciyar. Ki je wurin da ƙafarki. Mai zaure zai iya ce miki yana cin 300, amma in an sa tebura, an ware wurin zaman ango da amarya, an bar fili ga mai kiɗa da hanyar masu rabon abinci, sai ki ga 200 ne za su zauna a sake. Ki sa a jera layi ɗaya a gabanki, ki ƙidaya kujerun da ya ci, ki ƙidaya layuka nawa za su shiga.

Mu ɗauka 200 ne. Ki cire 20 ki ajiye gefe, wato ɗaya cikin goma, kada ki gaya wa kowa kasonsu. Waɗannan na baƙon da ba a zata ba ne, domin a ƙasarmu ba a korar wanda ya yi tattaki. Saura 180 sai a zauna da iyaye a raba: misali dangin uwa 60, dangin uba 40, dangin ango 60, ƙawayen amarya da abokan karatu 20. Rabon nan ba naki ba ne, na manya ne. Naki shi ne ki sa su faɗa da bakinsu, ki rubuta a shafin farko a gabansu. Ranar da wata inna ta zo da ƙarin suna goma sha biyar, shafin nan ne zai yi magana a madadinki.

In bikin ya faɗo a Sha'aban ko bayan Sallah, lokacin da aure ke yawa, ki kama kujeru da rumfa da wuri, don a irin waɗannan makonni ba a samun ƙari ranar biki ko da kuɗi a hannu.

Kaye ɗaya, hannu ɗaya

Ki sayi kaye babba mai bango mai tauri, irin na masu shago, da bik biyu, shuɗi da ja. A Kasuwar Dole ko kowane shagon kayan makaranta za ki samu. Wannan kaye shi ne uwar rubutu. Duk wata takarda, duk wani saƙo, duk wata magana da aka yi miki a hanya ba ta zama gaskiya ba sai ta shiga cikinsa. Kuma mutum ɗaya ke rubutu a ciki, ke. Da hannu biyu sun fara shiga, kowa zai ɗauka ɗayan ya rubuta wance.

Ki ware wa kowane ɓangare shafukansa, ki ba shi harafi: U na dangin uwa, B na dangin uba, A na dangin ango, Ƙ na ƙawaye. Ki buɗe shafi biyu masu kallon juna ki ja layuka daga sama zuwa ƙasa. Gidan farko lamba. Na biyu suna. Na uku laƙabi ko sunan da aka fi sanin mutum da shi. Na huɗu unguwa ko gari. Na biyar wanda ya gayyato. Na shida yawan kai. Sai lambar waya, sai wurin alamar kati ya isa, sai wurin alamar an tabbatar, sai na ƙarshe na ranar biki. Da farko za ki ga kamar sun yi yawa, amma uku daga cikinsu su ne suka rasa a takardar Auta, kuma a kansu zan tsaya.

Suna shi kaɗai ba ya raba mutane

A cikin dangi ɗaya za ki samu Hadiza huɗu, Zainabu uku, Hajiya ba adadi. Ga kuma alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, suruka ba ta kiran sunan uwar mijinta, yarinyar da aka sa wa sunan kaka ana ce mata Ummi ko Mama har ta tsufa, wasu ma ba su san sunanta na yanka ba. Saboda haka mutum ɗaya yana da suna uku a bakin mutum uku, mutum uku kuma suna amsa suna ɗaya. Wannan kyakkyawar al'ada ce, ba abin gyara ba ce. Rubutunki ne zai bi ta.

Dokar ita ce kowane layi ya ɗauki abu uku aƙalla: suna, wuri, da dangantaka. Kada ki rubuta "Hajiya Babba" ki wuce. Ki rubuta Hajiya Babba, Birni, kakar amarya ta wajen uwa. Ɗayar kuma Hajiya Babba, Magarya, yayar uban ango. In aka rubuta haka, ko wanda bai san su ba ba zai soke ɗaya ba. In mai ba ki suna tana jin nauyin faɗin sunan yanka, kada ki matsa mata. Ki ce, "Inna, matar wa ce? A wace unguwa take? Uwar su wa ce?" Amsoshin nan sun isa, sunan kuma ki nemo shi daga bakin wata daga baya.

Kada ki taɓa soke layi don kin ga ya yi kama da wani. Ki sa masa ɗigo da jan bik, ki kira wadda ta ba ki sunan ki tambaya. Lambar waya ita ce mafi saurin tona maimaici: in layi biyu suna da lamba ɗaya, ko dai mutum ɗaya ne ko 'yan gida ɗaya. Lambobinmu na Nijar takwas ne, ki ƙidaya su kowane lokaci, don lamba mai bakwai ba ta da amfani ranar da kike neman ta. Dangin da ke Kano ko Daura ki rubuta tasu da +234 a gaba, don wanda zai taya ki kira ya san ta ƙetare ce.

In an tabbatar maimaici ne, ki ja layi siriri a kai yadda ana iya karanta abin da ke ƙasa, ki rubuta a gefe "duba U14". Kada ki goge, kada ki yage shafi, kada kuma ki ba wani lambar da aka soke. Bayan kwana goma wani zai zo ya ce an manta da Maman Biyu, sai ki nuna masa inda take.

Saƙon murya kuwa, ki saurare shi da kaye a buɗe, ki tsayar bayan kowane suna ki rubuta. In kin gama ki kira mai saƙon ki karanta mata abin da kika rubuta, ɗaya bayan ɗaya. Karantawar nan tana cin lokaci, amma a cikinta ne ake cewa, "Af, na manta da matar ƙanena ta Mirya." Gara a tuna da ita yanzu.

Ki ƙidaya kawuna

Mu gida muke gayyata. In an kai wa Kawu kati, an gayyaci matansa da 'ya'yansa mata da ƙila baƙuwar da ta sauka gidan. Shi ya sa gidan yawan kai ya fi kowane muhimmanci wajen lissafin kujera da abinci. Duk layin da aka ba ki, ki tambaya, "Su nawa za su zo daga gidan?" In an ce "ai ba su da yawa", ba amsa ba ce. Ki ce, "Mu ƙidaya tare: uwargida, amarya, sai wa?"

Yaran da suka isa zama a kujera ki ƙidaya su mutum cikakke, don za su zauna kuma za su ci. Na goye ba ya shiga lissafi. Mutanen nesa ki ƙara musu kunne: wadda za ta taso daga Tanut ko Matamaye ba ta zuwa ita kaɗai, kuma motar da ta kawo ta tana da direba.

Da muka sake ƙidaya jerin Auta ta wannan hanya, layi 146 ɗin nan, bayan an cire maimaici an mayar da wadda aka soke, sun koma layi 139. Amma kawunan da ke cikinsu 212 ne. Wato tun kafin a ɗora tukunya abinci ya gaza da 52, kuma ba wanda ya zo ba gayya. Ta daɗe tana kallon lambar nan, domin a ranta tana zargin mutane da kwaɗayi ne.

A ƙasan kowane shafi ki haɗa jimlar kawuna da fensir, ki kai ta shafin farko kusa da kason ɓangaren. In dangin uwa sun kai 71 alhali kasonsu 60, kada ki rage kowa da kanki. Ki kai wa uwar amarya kaye ki ce, "Inna, mun haura da 11. A rage ne, ko a ƙara kujera da kwano 11?" Ki faɗa mata kuɗin ƙarin a take. Shawara ta zama tata, kuma yawanci a nan take samo waɗanda za su wadatu da zuwa wunin gida.

Wadda ta iya kwamfuta tana iya kwafe kayen a Excel don sauƙin haɗa jimla. In yawan kai yana gidan F, a Excel na Faransanci, wanda aka fi samu a nan, haka ake rubutawa:

```
=SOMME(F2:F150)
```

A na Ingilishi kuma SUM ne a wurin SOMME. Amma ko kin yi haka, ki tsayar da guda ɗaya a matsayin uwa. In kaye ne uwa, gyara ya fara shiga kaye. Jeri biyu da ake gyara kowanne daban su ne suka tsayar da dattijuwar Magarya a rana.

Kati da lambarsa

Kowane kati ya ɗauki lambar layinsa da yawan kai a bayansa, da bik: A7, mutum 4. Wannan 'yar alama tana aiki biyu. Mai gidan ya san kujeru nawa aka tanadar masa ba tare da an faɗa masa da baki ba, na ƙofa kuma zai nemo layi cikin ƙiftawar ido maimakon ya bi sunaye 139 da yatsa.

Ki raba katunan bisa unguwanni, ki ɗaure na Birni daban, na Zango daban, na Sabon Gari da Garin Malam daban, ki rubuta wa kika ba kowane ɗauri. Alamar "ya isa" ba ta shiga kaye ranar da kati ya bar hannunki, sai ranar da ɗan aike ya dawo ya ce ya miƙa, ko mai shi ta kira ta yi godiya. Kati da yawa suna kwana a aljihun ɗan kabu-kabu ko cikin jakar ƙawa har biki ya wuce.

Manya ba a aika musu kati kawai. Kakanni, gwaggwanni, surukai, malamin gida, waɗannan ƙafa ake takawa da goro. Ki sa musu tauraro a gefen lamba don a san wa zai je gaishe su, kuma tauraron nan zai yi amfani ranar biki.

Rufe littafi

Ki sa ranar rufewa, kwana uku kafin liyafa, ki sanar da kowane ɓangare tun farko. Kwana biyu kafin ranar rufewa ki raba kira: ke ki ɗauki U, wata ta ɗauki B, wata daga dangin ango ta ɗauki A. Tambaya ɗaya ce: kuna tafe, kuma ku nawa? Masu taya ki kira su kawo miki amsa, ke ki shigar. In an ce "in Allah ya yarda" da murya mai ƙarfi, ki sa alama. In ba a samu mutum ba, ki bar shi a lissafin masu zuwa.

Daga nan sai lissafin abinci, kuma nan ma akwai ramin da ake yawan faɗawa. Kujera 200 ba ta nufin kwano 200. Akwai waɗanda ba za su zauna ba amma dole su ci: masu rabo 8, direbobi 6, masu kiɗa 2, masu hoto 2, masu ƙofa 2. Ashirin ke nan, abinci ya zama 220. In akwai tsofaffin da ba za su iya fitowa ba kuma al'ada ce a kai musu, ki ba su shafinsu, ki ƙara. Ruwan sha kuma, in bikin na watan Afrilu ko Mayu ne, lokacin da zafin Damagaram ke kan ganiyarsa, ki ninka abin da za ki saya a lokacin sanyi, ki kama ƙanƙara tun jajibiri.

Lambar ƙarshe ki rubuta wa mai girki da mai kujeru a takarda, da kwanan wata, ki ajiye kwafi. Abin da aka biya kafin alƙalami da abin da ya saura su shiga shafin baya na kaye: an ba mai kujeru jika 10, saura jika 15, ranar kaza, a gaban wance.

Bayan an rufe, sai a yi jerin ƙofa. Ki kwafe shi da tsabta, ko ki buga, ki yi fotokopi uku. A saman kowane shafi ki rubuta rana da lokaci da kalmar "na ƙarshe" da jan bik. Sannan ki bi duk tsofaffin kwafi da suka taɓa fita hannunki ki karɓe su. Ki ɗauki hoton kowane shafi da salula ki tura wa mutum ɗaya amintacce, amma kada ki jefa shi cikin rukuni, don lambobin matan mutane ne a ciki. Hoton na ko-ta-kwana ne. Ranar biki takarda ce ke aiki, ita ba ta jiran caji.

Sunan da ya zo bayan rufewa, kuma zai zo, ki rubuta shi a shafi na musamman mai suna "ƙari", ki cire shi daga 20 ɗin da kika ɓoye, ki rubuta shi da hannu a kan kwafi ukun duka.

A bakin ƙofa

Kada ki sa baƙon ido shi kaɗai a ƙofa, kada kuma ki sa yaro. Mutum uku ake so: mai riƙe da takarda, sai mace ɗaya babba daga dangin amarya, sai ɗaya daga dangin ango. Su biyun nan aikinsu sanin fuska ne. Takarda tana taimaka musu ne kawai. Da an sa mace ɗaya daga gidan ango a ƙofar Auta, da ta hango motar Magarya ta tare ta da guɗa.

Ki gaya musu ƙa'ida a fili kafin a fara: ba a tambayar dattijo kati, ba a cewa kowa "babu sunanki". Duk wanda aka duba ba a gani ba, a ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, bismillah," a kai ta kujerun ajiya, a rubuta sunanta a shafin ƙari, a aiko a gaya miki. In akwai abin warwarewa, a warware shi tana zaune da ruwa a hannu. Masu tauraro kuma a ware musu layin gaba tun kafin a buɗe ƙofa, a sa yarinya ta tsare shi, in ba haka ba 'yan mata za su cika shi kafin manya su iso.

Mai takarda ba alama kawai zai sa ba, ya rubuta yawan waɗanda suka shigo: A7 an rubuta 4, sun zo 6. Lokaci-lokaci ki leƙo ki duba. In kujeru sun kusa cika alhali kashi ɗaya cikin uku na layuka ba su iso ba, kin san za a gaza, kuma kina da sauran lokaci ki sa a rage cikar kwano, a fito da tabarmi ga yara, a riƙe kason waɗanda ke hanya. Kada a fara rabon abinci daga inda hayaniya ta fi yawa. A fara da layin manya da baƙin nesa, a bi layi-layi, kuma kwanukan ma'aikata 20 a ware su tun farko a wani ɗaki.

Gudummawa

Wannan na bukatar kaye na biyu, ƙarami, da mutum nasa daban, wadda ba ta da wani aiki a ranar sai shi. Gudummawar biki a wurinmu rance ce ta zumunci. Wadda ta kawo wa uwar amarya jika 5 ko turmin atamfa ko kwalla, ranar nata bikin za a mayar mata da kwatankwacinsa ko fiye. In ba a rubuta ba, shekara biyu gaba uwar amarya za ta kai wa wadda ta yi mata babban alheri abin da bai taka kara ya karya ba, ba da niyya ba, kuma ba za a faɗa mata ba, sai dai ta ga an ja baya.

A bikin yayar Auta ambulan goma sha ɗaya aka samu ba suna, wasu kuma an rubuta "Hajiya" kawai. Hanyar kauce wa haka mai sauƙi ce. Duk abin da aka miƙo, mai karɓa ta rubuta lambar layin mai shi a jikin ambulan ko kunshin tun mai shi tana tsaye, U22 ko B9, ta shigar a ƙaramin kaye. Ta kuma rubuta wa aka kawo wa, domin abin da aka ba uwar amarya daban yake da abin da ƙawaye suka ba amarya, kowa da bashin da ke kansa. Wadda ta aiko da kuɗi ta waya ko ta hannun wani, ita ma ta samu layinta, da sunan ɗan aiken.

Ba a buɗe ambulan a wurin biki. Washegari a zauna mutum biyu aƙalla tare da mai abin, a buɗe ɗaya bayan ɗaya, a faɗa da ƙarfi, a rubuta adadi kusa da lamba, a haɗa jimla, a ƙidaya kuɗin a ga sun yi daidai da abin da ke rubuce. In kin rubuta da jika ki tsaya a jika har ƙarshe, kada wani layi ya zo da dala wani da sefa, don wadda za ta karanta bayan shekaru ba za ta san "ɗari biyu" dala ce ko sefa ba, kuma tsakaninsu ninki biyar ne.

A zaman nan na washegari ki buɗe babban kaye ki bi gidan ƙarshe. Waɗanda aka gayyata ba su zo ba, ki ba iyaye sunayensu don a kira a ji lafiya, wataƙila rashin lafiya ne, wataƙila kuma kati ne bai isa ba. Gidajen da suka zo fiye da abin da aka rubuta, ki gyara yawan kansu da jan bik. Sunayen shafin ƙari ki ba su lamba su shiga jerin ɓangarensu. Ki ƙidaya kujeru tare da mai su kafin a loda, ki biya saura, ya sa hannu a shafin baya. Ƙaramin kaye na uwar amarya ne, ki miƙa mata. Babban ki rubuta sunan gidan da shekara a bangonsa, ki sa a leda saboda gara, domin in bikin ƙanwa ya taso, dangin uwa da na uba suna nan a rubuce da laƙabinsu da lambobinsu, shafukan dangin sabon ango kawai za a buɗe.